Yadda kiɗan fim yake aiki, da yadda ake yi wa jarumi take wanda zai riƙa dawowa

Kiɗan da ke cikin fim kashi biyu ne, kuma in ba ka raba su tun farko ba duk bayanin da zai biyo baya zai cakuɗe maka. Akwai wanda mutanen cikin labarin suke ji da kunnensu, rediyon mota, wayar da ta yi ƙara, wani yana fito a bakin hanya. Sai kuma wanda kai mai kallo kaɗai kake ji, su ba su san da shi ba, jaruma tana zaune ita kaɗai a ɗaki amma goge yana kuka a ƙasa-ƙasa alhali babu mai goge a ɗakin. Wannan na biyun shi ne aikin mai tsara kiɗan fim, kuma a cikinsa ne ake samun take, wato ɗan gajeren kiɗa da aka ɗaura wa mutum ɗaya ko wuri ko wani abu, yana dawowa duk lokacin da ake so zuciyarka ta koma kansa.

Dabarar ta girmi fim ɗin kansa. Richard Wagner ya cika wasanninsa na opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, da irin waɗannan take-taken, musamman jerin Ring guda huɗu da aka fara nunawa gaba ɗaya a Bayreuth a 1876, daga baya mutane irin su Max Steiner, haifaffen Biyana wanda ya yi kiɗan King Kong na 1933, suka shigo da salon Hollywood. Tarihin ya isa haka, mu shiga aiki.

Don kar maganar ta zama a iska bari mu ƙirƙiro wani ɗan gajeren fim na minti 20 mu yi ta gwaji a kansa. Wani mutum, mu kira shi Bala, ya fito daga kurkuku bayan shekaru, 'yarsa Hadiza da ya bari tana ƙarama ta girma kuma ba ta son ganinsa. Yana bibiyarta, tana korarsa, a tsakiya ya kusa komawa halinsa na da, a ƙarshe ta buɗe masa ƙofa. Labarin kenan, ba wani abin mamaki a ciki, amma ya ishe mu.

Mataki na farko: ka kalli fim ɗin babu kiɗa, ku sa alama

Kafin ka taɓa piyano, kai da darakta ku zauna ku kalli fim ɗin babu kiɗa ko ɗaya, in da hali bayan edita ya rufe yanka, wato an daina ƙari da ragi a hoto. A wannan zaman ana yanke abu uku ne a kan kowace gaɓar kiɗa: ina za ta shiga, ina za ta fita, kuma me aka sa ta ta yi. Na ukun nan shi mutane suke tsallakewa kuma shi ne ya fi muhimmanci. In darakta ya ce maka “nan a sa na tausayi” kar ka karɓa haka, ka tambaye shi tausayin wa, Bala ko Hadiza, domin sin ɗaya ne, wato fitowa ɗaya a fim, amma in kiɗan yana gefen uban daban, in yana gefen 'yar daban, kuma duk gefen da ka tsaya nan mai kallo zai tsaya ba tare da ya san an tura shi ba.

Kowace gaɓa ana ba ta lamba da lokacin da ke rubuce a jikin bidiyon, awa da minti da sakan da firem, wato hoto ɗai-ɗai da ke cikin sakan. Al'adar masu aikin ita ce su rubuta `1M1`, `1M2`, haka, lambar farko ta kashin fim ɗin ce, ta biyun ta gaɓar kiɗan. Takardarka za ta yi kama da wannan:

```
1M2  01:04:10:00 - 01:04:52:00
```

01 ɗin farko kar ya ruɗe ka, daga awa ta ɗaya aka saba fara ƙirgar. Sai ka rubuta a gefe da hannunka: Bala yana tafiya zuwa gidan, ƙofa ta buɗe, kiɗan na Bala ne, fata yake ɗauke da shi ba kuka ba.

Wajen shiga, kiɗa ya fi ɓoyuwa in ya shigo tare da wani motsi, an rufe ƙofa, mota ta wuce, kyamara ta fara matsowa, ko fuskar jarumi ta canza bayan ya ji magana. In ya faɗo a tsakiyar shiru babu dalili, mai kallo zai ji shigarsa, da zarar ya ji kuwa ya tuna fim yake kallo. Sannan ku yanke wuraren da ba za a sa komai ba, ku rubuta su a takarda kamar yadda kuka rubuta sauran, in ba haka ba ranar haɗa sauti wani zai ce wajen ya yi fayau a cike shi.

Wani abu da zai iya ba ka ciwon kai a nan shi ne kiɗan wucin gadi. Yawancin editoci suna ɗauko kiɗan wasu fina-finai su ɗora yayin yanka don su ji yadda sin yake tafiya, darakta ya yi watanni yana jin wannan kiɗan har ya shiga jininsa, kai kuma duk abin da ka kawo sai ya ji kamar baƙo. Ba ƙananan masu kiɗa kaɗai abin yake ci ba, Stanley Kubrick ya ajiye kiɗan da Alex North ya rubuta wa 2001: A Space Odyssey na 1968 ya tafi da kiɗe-kiɗen wucin gadin da yake so. Maganin dai shi ne ka tambayi darakta me yake so a cikin na wucin gadin, saurinsa ne, ko kayan kiɗan ne, ko inda ya tashi sama ne, sai ka ɗauki wannan dalilin ka bar waƙar mutane a inda take.

Mataki na biyu: wa ya cancanci take, kuma ya ake rubuta shi

Ba kowa ba. Fim na minti 20 take biyu sun ishe shi, uku ma an fara yawa, domin kunnen mai kallo ba aikin haddace kiɗa ya zo yi ba, yana bin magana yana bin fuska yana bin labari, ɗan abin da ya rage masa na hankali shi kake nema. Wanda ya cancanta shi ne wanda zai canza a cikin labarin, ko wanda ake so a riƙa jin inuwarsa ko ba ya nan. Abokin Bala da ya fito sau biyu ya ba da dariya ya tafi ba ya buƙatar komai.

Take mai kyau gajere ne, noti huɗu zuwa bakwai, noti kuwa shi ne sauti ɗai-ɗai na kiɗa, wanda za ka iya yi da fito bayan ka ji shi sau biyu. John Williams ya yi wa kifin nan na fim ɗin Jaws a 1975 da noti biyu kacal, E da F, suna maimaituwa a can ƙasa suna ƙara sauri, kuma har yau mutanen da ba su taɓa ganin fim ɗin ba sun san shi. Gajartar tana da dalili na aiki: sau da yawa sakan uku ko huɗu kawai za ka samu tsakanin magana da magana, in takenka sai ya yi sakan 30 kafin a gane shi to ba zai shiga ko'ina ba.

Ga na Bala, a kan A ƙarama, wadda manhaja ke rubutawa `A minor`:

```
A  C  D  E  D
```

Ka buga shi a hankali, notin farko da na ƙarshe su fi tsawo. Za ka ji yana hawa kamar mai neman wani abu, ya kai E, sai ya zame baya taku ɗaya ya tsaya a D, kuma D ba gida ba ce, gidan shi ne A, saboda haka kunne yana jin maganar ba ta ƙare ba. Da gangan aka yi haka, mutumin da bai samu abin da yake nema ba takensa ma bai kamata ya sauka ba tukuna.

Na Hadiza kuma:

```
E  D  C  B  A
```

Shi gangarowa yake yi har gida. In ka lura, na 'yar ya fara daga kusan inda na uban ya maƙale, in ka jera su sai su zama jimla ɗaya, tambaya da amsarta. Amma ba za ka jera su ba sai a sin na ƙarshe, duk tsawon fim ɗin a rabe za su zauna. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai a nan: tun ranar da kake rubuta take kana tunanin yadda zai ƙare, ba wai ka yi kiɗa mai daɗi ba sannan ka zo kana neman inda za ka cusa shi.

Abu biyu ne suke sa a gane take in ya dawo a canze, siffar hawa da saukarsa, da kuma tsarin bugunsa, wane noti ne dogo wane ne gajere. Gwajin da nake ba kowa shawara shi ne ka ƙwanƙwasa shi a kan tebur babu noti, in wanda ya ji shi ɗazu ya gane to bugun yana da fuska. In duk notocin tsawonsu ɗaya ne kamar ƙarar agogo, ka tsawaita ɗaya ko ka gaggauta biyu a tsakiya.

Sai murya. Kowane take a ba shi kayan kiɗan da za a fara saninsa da shi, domin kunne yana gane kalar sauti tun kafin ya gane notoci. Bala mu ba shi celo, babban gogen nan mai kaurin murya da ake jinginawa a ƙasa, don zangonsa ya yi kusa da muryar namiji. Hadiza mu ba ta piyano a sama, noti ɗai-ɗai babu rakiya.

Mataki na uku: dasa shi

Take ba ya da ma'ana ranar da aka haife shi, fim ne yake ba shi. Noti biyar ɗin nan ba su ce Bala ba sai an ji su tare da fuskar Bala, saboda haka fitowar farko dole ta zama fili: shi kaɗai a hoto ko shi ne ya cika hoton, babu mai magana, babu ƙarar inji, taken ya fito cikakke daga farko har ƙarshe da muryarsa ta asali. A fim ɗinmu wajen yana nan a minti na farko, an buɗe ƙofar kurkuku ya fito ya tsaya yana kallon titi. Celo shi kaɗai, sau ɗaya, sai shiru.

Sannan a sake shi ba da jimawa ba, kusan yadda yake, ka ce a gaɓar `1M2` yana tafiya zuwa gidan. Ji na farko kunne yana wucewa ne kawai, na biyu ya ce na taɓa jin wannan, daga na uku ne ya zama na Bala. Kuskuren da na fi gani wajen sababbi shi ne gaggawar nuna gwaninta, tun fitowa ta biyu sun juya taken sun canza masa kaya sun rage shi, to wa ya san asalinsa balle ya gane an canza? Wani kuskuren kuma shi ne dasa shi a inda mutum biyu suke cikin hoto, Bala da Hadiza suna tsaye tare taken ya fito karo na farko, mai kallo bai san na waye ba, wataƙila ma ya ɗauka na dangantakarsu ne.

Akwai wata dabara da take ƙara masa ƙarfi sosai in labarin ya ba da dama, a sa taken ya tsallaka cikin duniyar fim ɗin. A wani sin na tuna baya Bala yana yi wa Hadiza fito da waɗannan notocin tana jaririya. Yanzu ba kiɗan mai kallo ba ne kaɗai, ita ma ta san shi, ranar da ta ji shi daga bayan taga ba sai an yi mata bayani ba. Amma wannan sai an shirya shi tun kafin ɗaukar fim, don jarumin ya yi fiton a gaban kyamara, kenan taken ya riga hoton zuwa. Ennio Morricone ya yi irin haka da Sergio Leone a Once Upon a Time in the West na 1968, an rubuta kiɗan kafin ɗauka, kuma hamonikar da jarumin yake busawa a cikin labarin ita ce takensa.

Mataki na huɗu: juya shi yadda labarin ya juya

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne take ya bambanta da ƙararrawar da ke cewa ga wane ya shigo. In duk shigowar Bala sai celo ya buga noti biyar ɗin nan iri ɗaya, kafin minti na goma an fara dariya. Abin da ake so shi ne taken ya riƙa faɗin halin da mutumin yake ciki yanzu, har ma abin da bakinsa bai faɗa ba.

Ƙa'idar da za ta cece ka: ka canza abu ɗaya ko biyu, ka bar sauran. In ka canza kaya ka bar notoci da bugu. In ka canza noti ka bar bugu da kaya. In ka canza duka a lokaci guda sabon kiɗa ka yi, kai kaɗai ka san dangantakarsu.

Mu bi fim ɗin. Hadiza ta rufe masa ƙofa a fuska, ya juya zai tafi. Nan ba ka buƙatar taken gaba ɗaya, noti uku na farko, A C D, sai ya yanke, kunnen da ya riga ya san sauran zai jira E ba ta zo ba, wannan jiran shi ne zafin sin ɗin. Gutsure take yana daga cikin kayan aiki mafi arha kuma mafi ƙarfi.

A tsakiyar fim tsofaffin abokansa sun zo masa da wata harka, yana zaune cikin dare yana tunanin ya bi su. Yanzu ka saukar da noti ɗaya rabin taku:

```
A  C  D  E♭  D
```

Tazarar da ke tsakanin A da E tana zaune daram, amma tsakanin A da E♭ tazara ce mai ɗaci wadda kunne ba ya samun natsuwa a kanta, taken yana nan a gane shi amma kamar ya rube ta ciki. Ka saukar da shi can ƙasa, ka rage gudu, ka sa wani dogon noti yana gurnani a ƙarƙashi. Bala bai ce uffan ba amma kowa ya san wane Bala ne yake neman dawowa. To a daidai lokacin da ya miƙa hannu zai ɗauki waya ya kira su, piyano ya sako E D C a sama, noti uku na taken Hadiza, alhali ba ta cikin ɗakin, ba ta cikin sin ɗin ma. Ya ajiye wayar. Ba a yanka zuwa hotonta ba, ba a sa shi ya yi magana da kansa ba, kiɗa ya gaya mana wa ya tuna. Wannan shi ne abin da take yake iya yi wanda kiɗan tausayi na gama-gari ba zai taɓa iyawa ba, kuma saboda wannan sakan biyar ɗin ne ka sha wahalar dasa take biyu tun farko.

Wanda yake son ganin yadda manya suke wannan juyin ya saurari taken Darth Vader, mugun fina-finan Star Wars, wanda Williams ya fara kawowa a fim na 1980 da ƙahonni da ganguna kamar faretin soja. A na 1983 lokacin da mutumin yake mutuwa an cire masa hular ƙarfe, notocin dai su ne amma a hankali, siririya, har ya ƙare a kan haf, kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da ake kaɗawa da yatsu. A na 1999 kuma da aka nuna shi yana yaro, takensa mai laushi ne amma a wutsiyarsa akwai ɓurɓushin wancan na mugunta, ana gaya wa wanda ya sani inda yaron zai ƙare.

Sin na ƙarshe a namu, ta buɗe ƙofa. Celo ya ɗauko A C D E D, ya maƙale a D kamar kullum, sai piyano ya karɓa E D C B A ya kai shi gida, karo na farko a duk fim ɗin. Kana iya ɗaga C ta koma C♯ don ya koma babbar A mai haske, amma ni a irin wannan labarin ba zan yi ba, ko in yi sai a kod na ƙarshe kawai, wato notocin rufewa da ake bugawa tare, domin shekarun da suka ɓata ba su dawo ba, buɗe ƙofa kawai aka yi. Wannan hukunci ne na labari, kai da darakta za ku yanke.

Mataki na biyar: hana shi

Gajeren mataki ne amma kar ka raina shi. Da zarar mai kallo ya yarda da take, rashinsa ma magana ce. A Jaws akwai wajen da yara biyu suka tsorata mutane da fiffiken kifi na bogi, kowa yana gudu yana ihu amma noti biyun nan ba su zo ba, kiɗan bai yi ƙarya ba. Can gaba kuma bayan an saba cewa sai an ji kiɗa kifin yake zuwa, sai ya ɓullo a bayan jirgi babu gargaɗi ko kaɗan, tsoron ya ninka. A fim ɗinmu, babban sin na faɗa tsakanin uba da 'ya inda take gaya masa duk abin da ke ranta, ka bar shi babu kiɗa, 'yan wasan sun isa. Kiɗan ya shigo bayan ta tafi.

Mataki na shida: lissafin daidaita kiɗa da hoto

Yanzu sai ka sa abin ya faɗi a inda ya kamata. Ka shigar da bidiyon cikin manhajar da kake aiki da ita, Cubase ce ko Logic Pro ko Reaper, ka tabbatar adadin firem na aikinka ya yi daidai da na bidiyon, in 24 ne 24, in 25 ne 25, in ka kuskure wannan farko zai yi daidai amma can gaba kiɗa da lambobin lokaci za su riƙa zamewa.

Ɗauki gaɓar `1M2`. Ta fara a `01:04:10:00`, ƙofa ta buɗe a `01:04:34:00`, tsakaninsu sakan 24. Kana so buɗewar ta faɗi a kan bugu mai nauyi. A ce kiɗan yana tafiya bugu huɗu-huɗu, kowane huɗu gida ɗaya, abin da manhaja ke kira `Bar`, kuma kana son gida takwas kafin ƙofa, bugu 32 kenan. Lissafin gudu, wato bugu nawa a minti ɗaya:

```
BPM = 32 × 60 ÷ 24 = 80
```

Ka sa 80, farkon gida na tara zai faɗi daidai kan ƙofa. To gobe edita ya kira ya ce an cire sakan biyu daga tafiyar, abin da yake faruwa kullum duk da an ce an rufe yanka. Yanzu sakan 22 ne. In ka bar bugu 32 gudun zai koma wajen 87, kuma za a ji, tafiyar mai nauyin zuciya ta zama ta mai sauri zuwa aiki. Gara ka cire bugu biyu, ka mai da gida ɗaya mai bugu biyu a wajen da dogon noti yake riƙe babu wanda yake ƙirga, bugu 30 a sakan 22 ya ba ka kusan 82, bambancin da ba wanda zai lura. In za a yi kuskuren firem ɗaya ko biyu, gara kiɗan ya makara da ya riga hoto, domin a duniya ma ido yana riga kunne, amma sautin da ya zo kafin abin ya faru yana tona asirin sin.

Kuma kar ka daki komai. Gaɓa mai sakan 40 wuri ɗaya ko biyu sun isa a daidaita su, in kiɗa yana bin kowane taku da kowane juyin kai ya zama na katun, sai dai in barkwanci ake so. In da mutane za su buga kayan da hannu, ana sa musu ƙwanƙwasar gudu a kunne ta hedifon don su zauna a kan lissafin nan.

Mataki na bakwai: magana ce sarauniya

Duk kyan takenka in ya danne magana za a rage shi ranar haɗa sauti har ya ɓace, kuma mai haɗawar yana da gaskiya. Abin da ke sa a gane kalmomi yana zaune ne wajen 2 zuwa 4 kHz, kayan da suke da kaifi a wannan zangon, kakaki, algaita da danginta, jita mai ƙara, suna kokawa da baki kai tsaye. Celo ɗin Bala ma yana da tasa matsalar tunda zangonsa ɗaya da muryar namiji, in Bala yana magana celo yana rera take a lokaci guda kamar mutum biyu ne suke magana. Saboda haka a ƙarƙashin zance ka riƙe dogayen notoci marasa motsi, taken kuma ka saka shi a ramukan da ke tsakanin jimloli, ka ga amfanin gajartarsa kenan. Kana rubutu kana kunna maganar fim ɗin, kar ka kashe ta don ka ji daɗin kiɗanka.

Wajen miƙa aiki, fayil `WAV` a `48 kHz` da `24-bit` shi ne abin da aka saba a harkar bidiyo, ba 44.1 na faifan waƙa ba. Kar ka ba da kiɗan a dunƙule kaɗai, ka raba shi kashi-kashi, gogaye daban, piyano daban, ganguna daban, na ƙasa daban, duk su fara daga wuri ɗaya kuma tsawonsu ɗaya, ka rubuta lambar gaɓa da lokacin farawa a sunan kowane fayil. Amfanin shi ne in ganga ta yi karo da ƙarar ƙofa za a rage ganga kawai a bar taken, in a dunƙule ka bayar duka za a ja ƙasa.

Kafin ka tura, ka nemo mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba kuma ba ruwansu da harkar kiɗa, su kalla daga farko har ƙarshe ba ka ce musu komai ba, a kan waya ko ƙaramin talabijin ba a manyan sifikun situdiyo ba, don noti na can ƙasa irin na sin ɗin dare sau da yawa ƙaramar sifika ba ta fitar da shi, in haka ne sai ka ninka shi da wani kaya a sama kaɗan. Bayan sun gama ka buga musu A C D E D a piyano ka tambaya na waye. In sun ce na uban ne, dashen ya kama. In sun yi shiru, koma mataki na uku ka duba fitowa ta farko da ta biyu, yawanci za ka tarar ko magana ta hau kansa, ko ka canza shi da wuri, ko tazarar da ke tsakanin jin farko da na biyu ta yi nisa. Sannan ka tambaye su me ya sa Bala ya ajiye wayar a daren nan, in wani ya ce ai 'yarsa ya tuna, to noti ukun piyano sun fito yadda ake so, in ba wanda ya faɗi haka ka ƙara musu ƙarfi kaɗan ko ka janye gurnanin da ke ƙarƙashinsu sakan ɗaya kafin su shigo.